Lissahin bashinka kahin ka kai dosiye banki

Salam ƙanena, ya Tawa ya su Inna? Na duba bultin ɗin albashinka ukku da ka turo min, ga abin da na samu, ka karanta da kyau kahin ka sa hannu ga komi.

Da hwarko manta da "Salaire brut", wancan kuɗɗin takarda ne ba a cire harajin albashi na ITS da kuɗɗin fansho na CNSS ba tukun. Wurin "Net à payer" an rubuta jika 192 wata biyu, na ukkun jika 237 amma jika 45 na ciki kuɗɗin mishon ne da kunka tahi Konni, wannan ba kullum ba ne kada ka sa shi. To jika 192 ɗin ma sai da anka cire abansin ragon layya jika 18, don haka mu mayar da ita albashi ya koma jika 210, sannan mu ƙirga ta cikin bashi, in ba haka ba mun ƙirga ta sau biyu kenan.

Bashin da ke kanka duk wata: abansi 18, moto 25, jimla 43. Sabon kiredin miliyan ɗaya da rabi na wata 36 ka ce sun lissafa maka jika 50 ga wata har da asurans.

```
(18 + 25 + 50) ÷ 210 × 100 = 44,3
```

Kashi 44 cikin ɗari na albashinka fa ke tahiya ga biyan bashi! Yawanci bankuna kashi ɗaya cikin ukku suke dubawa, kowace da tsarinta dai amma ka ɗauka jika 70 ce iyakarka, kai kuma kana 93. Ko ni ce gaban gishe ba ni sa hannu wallahi.

Abansin saura wata biyu ya ƙare, daga nan 75 ÷ 210 ya ba da 35,7, har yanzu da ɗan sauranka. Shawarata ka jira wata biyun nan ka rage abin da kake nema zuwa miliyan ɗaya da jika 300, biyan wata zai sauko wajen jika 43, da na moto 68, kashi 32 da ɗan wani abu, ka shige. Kuma don Allah kada ka ɓoye musu na moto, suna duba tarihin bashin mutum.

Abin da ya hi damuna ma ba ya cikin lissahin nan duka, haya 35, adashe 10, na Inna 15. In ka cire 68 da 60 daga 210 saura jika 82, cikinta za ka biya kuran da ruwa da cefane da lakkol ɗin yara da esans, ga zahin Afirilu da fanka ba ta hutawa. Ka zauna da matarka ku gani in 82 na kai ku ƙarshen wata.

Ka tambaye su ko suna sa haya cikin nasu lissahin, kuma su ba ka takardar biyan wata wata ta miliyan ɗaya da jika 300, ka ɗauko hoto ka turo min.