Buƙatar Goge Bayanaina Daga Rumbunku

Tudun Wada, Zariya,
Jihar Kaduna.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Jami'in Kare Bayanai,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa. A watan Maris na bana na sauke manhajarku, na karɓi rancen naira 40,000 don ƙara jarin ɗinki. Na biya kuɗin da ruwansa ranar 30 ga Afrilu, kuma rasit ɗin da kuka turo yana hannuna. Ba ku bina ko kwabo. Asusun yana kan lambar wayata mai ƙarewa da 4417.

Lokacin rajista kun karɓi lambobina na BVN da NIN, da hoton fuskata, da adireshin gida, da lambar asusun banki. Manhajar ta kuma kwashi duk lambobin da ke cikin wayata. A lokacin buƙata ta sa na danna amincewa ban tsaya karantawa ba, wannan kam laifina ne. Amma wata biyar da biyan bashi, har yau saƙonninku na tallan sabon rance ba su daina shigowa ba. Abin da ya fi ɓata mini rai, makon jiya an kira yayata daga ofishinku ana yi mata tayin rance, aka ce a wurina aka sami lambarta. Ita ba ta taɓa hulɗa da ku ba, ni kuma ban ba da lambarta don haka ba.

Saboda haka na janye amincewata, kamar yadda sashe na 35 na Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ya ba ni dama. Bisa sashe na 34 kuma, ina buƙatar ku goge duk bayanaina ba tare da jan ƙafa ba, har da na rumbun ajiyarku na ko-ta-kwana, da lambobin mutanen da kuka kwasa. Rufe asusu kawai bai wadatar ba. Idan kun miƙa bayanan ga masu karɓar bashi ko 'yan talla, ku faɗa mini su waye, ku kuma umarce su su goge.

Na san dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa cibiyoyin kuɗi ajiye bayanan hada-hada na aƙalla shekara 5. Idan akwai abin da za ku riƙe saboda ita, ku rubuto mini shi dalla-dalla da ranar da za a goge shi. Lambar yayata dai ba ta cikin wannan.

Ina jiran amsarku a rubuce cikin kwana 30, ta imel ɗin da na yi rajista da shi. Idan wa'adin ya cika shiru, zan kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya da ke Abuja, tare da kwafin wannan takarda da rasit ɗin biya.

Na gode.

Taku,
Hadiza Garba