Lissafin Huɗu-Huɗu

Ranar Alhamis da la'asar Malam Habu ya tsuguna bayan rumfarsa a Kasuwar Rimi yana tsince ruɓaɓɓen lemo. Buhu 15 ya saro a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ranar Asabar, don makon da ya wuce ya sayar da 14 har ana rububi. Wannan makon kuwa 8 kacal suka fita. Sauran suna jibge, na ƙasan buhu ya yi laushi, ƙudaje sun samu wurin biki.

Ɗanladi mai ayaba ya leƙo ya ce, "Malam Habu, ko dai za a buɗe gidan jus ne?"

Bai tanka masa ba. Shekara 19 yana wannan sana'a, kuma dabararsa ɗaya ce: abin da ya sayar makon jiya, shi zai saro na gobe. In kasuwa ta yi kyau ya cika rumfa, sai ta juya masa baya. In ta yi sanyi ya rage sari, sai kaya su ƙare tun Talata ya koma ƙarowa a hannun 'yan tsakiya da tsada.

Da daddare yana zaune a tsakar gida da tsohon littafinsa na bashi, wanda a bayansa yake rubuta yawan buhunan da suka fita kowane mako. Ummi ta kawo masa tuwo. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta na yanka. Tana aji biyar a sakandare, kuma ba ta iya ganin lambobi ta wuce.

"Baba, waɗannan na mene ne? 9, 13, 14, 8."

"Na watan nan ne. Kin ga yadda kasuwar take, kamar mai farfaɗiya."

Ta ɗauki biro ta haɗa su. "44 ke nan. A raba huɗu, 11. Baba, kai fa mai sayar da buhu 11 ne a mako. 14 ɗin nan da 8 ɗin nan duk hayaniya ce."

"Ban taɓa sayar da 11 ba a watan nan."

"Ai shi ne. Amma da 11 ka riƙa sarowa, ranar da ka sayar da 8 buhu 3 ne za su rage maka, ba 7 ba. Ranar 14 kuma 3 kawai za ka ƙaro."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ta ce malaminsu na lissafi ya koya musu wannan, ana ce masa matsakaici mai tafiya. Tafiyar tasa ita ce, duk makon da ya ƙare sai a rubuta sabon adadi a ƙasa, a soke mafi tsufa a sama, a sake haɗa huɗun da suka rage a raba huɗu.

"Kamar layin famfo," in ji shi. "Ɗaya ya cika tulu ya tafi, ɗaya ya shigo baya."

"Haka nan, Baba."

"To don me huɗu? Me ya hana biyu, ko goma?"

Nan ta ɗan yi jim. Ta ce in biyu ne, lissafin zai riƙa tsalle kamar yadda yake yi yanzu. In goma ne kuma, kasuwa za ta canja ya daɗe bai ji ba. Shi ne ya ƙarasa mata da abin da ba a koya mata a aji ba: huɗu wata guda ke nan, kowane lissafi zai ƙunshi mako ɗaya na ƙarshen wata, lokacin da ma'aikata suka karɓi albashi suke sayen lemo da leda-leda.

Asabar ta zo. Motocin Binuwai sun sauke kaya tun asuba a Na'ibawa, dillalinsa ya tare shi da murna yana cewa a ɗaura masa 15 kamar makon jiya. Ya ce 11. Dillalin ya dube shi ya tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, Ummi ce ta hana.

Makon nan ya sayar da 12, buhu ɗaya kawai ya ƙaro. Ummi ta sa shi ya haɗa makonnin baya-bayan nan da hannunsa, ya soke na sama, ya raba. Bai yarda da kalkuletar waya ba, sai ya yi da ka sannan ya ba ta ta duba. Ta kuma kafa masa doka ɗaya: ranar da kaya suka ƙare ya mayar da masu saye hannu rabbana, ya rubuta kimanin abin da ya rasa, in ba haka ba littafin zai ɗauka kasuwar ce ta ragu alhali kayan ne suka gaza. Wata biyu ana haka. Kwandon ruɓaɓɓe da a da yake cika ya koma rabi, wani makon ma almajirai su zo su tarar babu abin tsinta.

Sai Sha'aban ya zo ƙarshe. Makonni huɗu na baya sun nuna 12, 11, 10, 11. Ummi ta ce, "11 ne, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Ummi, jibi fa ake sa ran ganin wata. Wa kika taɓa gani ya sha ruwa ba lemo a faranti?"

"Amma lissafin..."

"Lissafin naki bai taɓa yin azumi ba. Abin da ya wuce kawai ya sani."

Ya saro 18. Kafin Laraba sun ƙare, ya ƙaro 3, mako ya tashi da 21. Ummi ta soke 12 ta sa 21, ta haɗa ta samu 53, ta raba ta samu 13 da ɗan ɗoriya. Ta daɗe tana kallon lambar. Kasuwa tana can gaba a guje, lissafin yana biye da ita da ɗingishi. Ranta ya ɓaci, ta ce ashe abin banza ne.

"Ba na banza ba ne," ya ce. "Wata goma sha ɗaya yana ciyar da mu. Ja layi a nan, ki buɗe sabon shafi, ki rubuta Azumi a kai."

Shafin azumi ya cika da 21, 19, 18, 18. Ana gobe zai koma sari bayan Sallah, ya ce ta haɗa masa. Ta haɗa, 76, a raba huɗu 19. Ta ɗago kai ta ga yana murmushi, sai ta gane tarko ne. Ta juya baya zuwa shafin Sha'aban.

"11, Baba. Wancan shafin a ajiye shi sai baɗi."

Ya saro 11. Ranar Alhamis yana kaɗe buhun ƙarshe sai ga Ɗanladi, riƙe da nonon ayaba da ya yi baƙi ƙirin, ya saro da yawa da zaton cinikin azumi zai ɗore. Ya tsaya yana leƙen littafin da ke kan benci.

"Wai wane malami ne ya ba ka laƙanin nan?"

Malam Habu ya yage takarda ɗaya daga tsakiyar littafin, ya zaro biro daga bayan kunne ya miƙa masa.

"Zauna. Makon jiya nawa ka sayar?"

Ɗanladi ya sosa ƙeya. "Wallahi ban rubuta ba."

"To rubuta na wannan makon. Ka dawo bayan Asabar huɗu."