Sola a gida: nawa take rage maka, nawa take ci?

Shirin rediyo na minti bakwai. Masu magana: Malama Hadiza, mai gabatarwa, da Injiniya Bashir, mai haɗa sola a Kano.

(Ƙarar janareta na daƙiƙa biyar, sai ta mutu. Shiru kaɗan.)

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro. Wannan ƙarar da kuka ji, gidaje da yawa da ita ake kwana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai janareta ya san me aljihunsa yake gani. Yau lissafi za mu yi. Injiniya Bashir, barka da zuwa.

BASHIR: Barka kadai, Malama.

HADIZA: Masu talla suna cewa in ka sa sola ka rabu da biyan kuɗin wuta har abada. Haka ne?

BASHIR: Rana dai kyauta ce, ba wanda zai kawo miki takardar biya. Amma batir yana tsufa, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, tana lalacewa. Duk wanda ya ce miki ba za ki sake kashe ko sisi ba, kayansa yake so ya sayar. Bari in kawo gida guda da na haɗa wa a Ɗorayi, mu bi lissafinsa.

HADIZA: Bismillah.

BASHIR: Magidanci ne mai iyali bakwai. In an kawo wuta ta awa huɗu a rana, an yi da su. Kullum bayan magariba zai tayar da janareta na awa biyar, ya sha lita huɗu. A lokacin yana sayen lita naira 900, ka ga 3,600 a dare, 108,000 a wata. Ga baƙin mai, ga fulogi, ga mai gyara, wajen 12,000. Jimla 120,000. Kuma ƙarfe goma sha ɗaya ake kashewa, yara su kwana cikin zufa a watan Afrilu.

HADIZA: Shi ya san yana kashe haka?

BASHIR: Bai sani ba! Man da ake saye galan-galan ba a jin zafinsa. Sai da na sa shi ya riƙa rubutawa na mako biyu, sannan ya riƙe baki.

HADIZA: To me kuka sa masa?

BASHIR: Kafin a yi maganar kaya, sai an ƙirga abin da zai kwana a kunne. Fanka uku, kowace wat 70, awa tara: 1,890. Ƙwan fitila takwas na wat 10, awa biyar: 400. Talabijin awa huɗu: 320. Firji cikin dare, a ce 600. An tashi 3,210, wato yunit uku da ɗan ɗoriya, irin yunit ɗin da mita take ƙirgawa. Sai muka sa batirin litiyam mai yunit biyar, don ba a so a riƙa tatse shi ƙarƙaf. Farantin sola huɗu masu wat 550, jimla 2,200. A nan Arewa ana lissafa awa biyar na rana mai ƙarfi, in aka cire abin da zafi da waya da ƙura suke ci, ana samun kamar yunit takwas a yini. Ya isa a cika batir, a kuma yi hidimar rana.

HADIZA: Kuɗi fa? Nan ne mai sauraro ya kasa kunne.

BASHIR: Faranti 520,000. Inbata 450,000. Batir 1,200,000. Waya, makatsan wuta, ƙarafen ɗora faranti da kuɗin aiki, 330,000. Miliyan biyu da rabi cif. Farashin ranar da muka sayo ke nan, kayan nan kuwa dala suke bi, don haka kowa ya tambayi na ranarsa.

HADIZA: In yana rage 120,000 a wata, ai wata ashirin da ɗaya ya mai da kuɗinsa.

BASHIR: To nan ake yin kuskure, Malama. Ba duka yake ragewa ba. Ni shekara takwas nake lissafa wa batirin litiyam, ko da a jikin takarda an rubuta fiye da haka, saboda zafin garinmu. Raba 1,200,000 a shekara takwas, 12,500 ke nan a wata. Inbata na ba ta shekara shida, 6,250 a wata. Mai gyara ya zo sau biyu a shekara ya ɗaure wayoyi ya duba komai, kamar 1,700 a wata. Sannan kada ya sayar da janaretan. A watan Agusta akan yi kwana biyu ko uku gari a lumshe, sai an taimaka wa batir. Na sa masa 10,000 a wata na mai. Ka ga an ɗan haura 30,000.

HADIZA: Saura 90,000.

BASHIR: Shi ne ribarsa ta gaskiya. Miliyan biyu da rabi a raba da 90,000, wata ashirin da takwas, shekara biyu da wata huɗu. Kuma yanzu fanka har asuba. Shawarar da na ba shi, kuɗin batir da inbata ɗin nan ya ɗauke su kamar zubin adashe, duk wata ya ware. Na ga gidaje da yawa, faranti na kan rufi lafiya lau, amma an koma janareta, don ranar da batir ya mutu babu miliyan a hannu.

HADIZA: Wani zai ce batirin ruwa ya fi sauƙi.

BASHIR: A ranar saye, ƙwarai. Amma rabin abin da ke cikinsa kawai ake sha, in ka wuce haka kana rage masa kwana. Don gidan nan sai an sa guda huɗu, a 280,000 kowane, 1,120,000. In an kula da shi, ana zuba masa tataccen ruwan batir, ba na rijiya ko na leda ba, ya yi shekara uku. Kusan 31,000 a wata ke nan, na litiyam kuwa 12,500. Araha ba ta ado. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya fara da biyu, amma firji ya haƙura da dare.

HADIZA: Me ke saurin kashe kayan?

BASHIR: Dutsen guga, abin dafa ruwa, risho na lantarki. Guga ɗaya tana jan wat dubu ko fiye, fanka goma sha huɗu ke nan. In dole ne, a yi ta da tsakar rana lokacin da faranti ke bayarwa. Injin tura ruwa tanki ma haka. Sai ajiye batir a ɗakin da ba iska. Sai ƙura: lokacin hunturu a wanke faranti duk mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. Su farantin ba su cika ba da matsala ba, masu kyau ana ba su garantin shekara ashirin da biyar.

HADIZA: Akwai wanda za ka ce masa kada ya sa?

BASHIR: Akwai wanda zan ce ya sake tunani. Mutumin da ba ya ƙona mai, in an ɗauke wuta ya kunna fitilar caji ya kwanta, katin mitarsa 15,000 a wata. Shi in ya kashe miliyan biyu da rabi, jin daɗi ya saya, kuɗin ba za su dawo ta hanyar ragi ba. Ƙaramin saiti na fitila da fanka da cajin waya ya ishe shi. Waɗanda ke rukunin Band A kuma, wato unguwannin da aka fi ba wuta, da aka kai musu yunit sama da naira 200 a Afrilun 2024, yunit takwas a rana ya tashi kamar 50,000 a wata. Akwai ragi, amma sai an daɗe kafin uwar kuɗi ta fito.

HADIZA: Mai sauraro, ga aikin gida: daga yau zuwa mako biyu, rubuta kowace lita da ka saya, da wat ɗin da ke jikin kowane kayan wuta na gidanka. Mako mai zuwa Injiniya zai dawo mu yi maganar yadda ake gane farantin jabu a kasuwa. Injiniya, mun gode.

BASHIR: Ni ma na gode, Malama. Allah Ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri.)