Neman shawara kan sana'ar wake, daga ɗalibar Dakta Bala

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da warhaka, ya aiki ya iyali? Sunana Rukayya, daga Zariya. Dakta Bala na Samaru ne ya ba ni imel ɗinki, shi ya duba min furojet ɗina a ABU, ya ce in gaishe ki kuma in ce miki shi ya turo ni.

Na gama digiri a fannin noma a 2019, na yi bautar ƙasa a Jigawa, da na dawo sai na fara sayen wake wajen mata manoma a ƙauyukan Giwa lokacin kaka ina ajiyewa har damina ta shigo kuɗinsa ya tashi. Ba na sa masa magani ko kaɗan, buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu a ciki ɗin nan, in waken ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda daban to ƙwari ba sa samun iska, mutuwa suke. Bana buhu 85 na ajiye kuma alhamdulillahi babu wanda ya ɓaci.

Damuwata Hajiya ita ce in na kai Dawanau kuɗi ɗaya ake min da wanda aka zuba wa fiya-fiya, dillali ba ruwansa, fari da girman ƙwaya kawai yake dubawa, alhali irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Shi ya sa nake so in fara ƙullawa a leda kilo ɗaya da kilo biyar da sunana a jiki kamar yadda kike yi da naki, na sha saye a kanti a Kaduna ina juya ledar ina karanta bayanta wallahi. Na riga na yi rajista da CAC, saura NAFDAC.

Tambayata ɗaya ce a yanzu: da ɗan jarin da ke hannuna, in fara kama ɗaki in gyara shi saboda NAFDAC, ko in fara neman kantunan da za su karɓi kayan tukuna? Ke da wanne kika fara?

Na san hidima ta miki yawa, kuma ba jari ko aiki nake nema ba, shawara ce. Ko minti 15 a waya ya ishe ni, duk lokacin da ya miki, in kuma rubutu ya fi miki sauƙi layi biyu ma na gode. Ranar Alhamis mai zuwa zan shigo Kano, in kin yarda sai in ajiye miki mudu biyu a ofis ki dafa ki gani da kanki.

Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri.

'Yarki,
Rukayya