Shawarar Rage Ɓarnar Wutar Lantarki a Makarantarmu

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Shugaban Makaranta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izininka mu gwada wani tsari na mako shida, wanda ɗalibai da kansu za su riƙa kashe kayan wuta, su kuma riƙa karanta mita.

Ranar Larabar da ta wuce na dawo makaranta bayan sallar isha'i don ɗaukar takardun gwajin da na manta. Maigadi ya haska mini hanya, muka tarar da azuzuwa biyar a kulle, fankoki suna ta juyawa, fitilu a kunne. Ya ce mini kusan kullum haka ake kwana, kuma makullan ba sa hannunsa. Ban ga laifin yaran sosai ba. An ɗauke wuta daf da tashi, fanka ta tsaya da kanta, kowa ya ɗauki jakarsa ya fice. Da aka dawo da wutar, babu mai kashewa.

Ga lissafin da muka yi da 'yan kulob ɗin kimiyya. A kowane aji akwai fanka huɗu masu wat 75 da ƙwan fitila huɗu masu wat 15, jimla wat 360. In suka yi awa 15 a kunne, sun ci yunit 5.4. Layinmu yana rukunin Band A na KEDCO, rukunin da hukumar NERC ta ƙara wa farashi a Afrilun 2024, yanzu kuma yunit ɗaya yana kan naira 209.5. Ke nan aji ɗaya yana cin sama da naira 1,100 a dare. Azuzuwa biyar a kwana ashirin na karatu sun haura naira 110,000, ba tare da an sanyaya ko mutum ɗaya ba.

Abin da nake so a yi mai sauƙi ne. Kowane aji ya zaɓi ɗalibai biyu masu kula da wuta, a riƙa sauya su duk mako don kada aikin ya zama na monita shi kaɗai. Za su duba makunnai lokacin fita tara, da duk sa'ad da aji ya tafi ɗakin gwaje-gwaje ko filin wasa, sai kuma lokacin tashi. Doka ɗaya nake so ta zauna musu a kai: a kashe makunni ko da babu wuta. Bayan tashi firifet biyu su zagaya da rajista, su sa hannu kafin a kulle azuzuwan. Ofishinmu na malamai ma ya shiga zagayen, don gaskiya mu ma muna barin fanka a kunne.

Mita kuwa sau biyu za a karanta ta, Juma'a bayan tashi da Litinin kafin taron safe. Tunda mai kati ce, abin da take nunawa shi ne yunit ɗin da ya rage, don haka sai ma'aji ya riƙa sanar da mu duk wutar da aka saya a cikin mako. Wutar da aka sha ita ce karatun baya, a haɗa da abin da aka saya, a cire karatun yanzu. Tazarar Juma'a zuwa Litinin ce na fi son gani, domin babu darasi a lokacin. In aka ware fitilun tsaro da firjin ɗakin shan magani, sauran abin da mita ta ci ɓarna ce. Makonni biyun farko karatun mita kawai za mu yi, ba za mu sauya komai ba, don mu sami abin kwatantawa. Daga nan za a riƙa rubuta sakamakon a allon sanarwa.

Yaran ba za su taɓa waya ko akwatin fis ko janareto ba. Makunnin bango ne iyakarsu, mita kuma da ido za su karanta ta, ina tsaye tare da su. Makunnin da ya fashe su rubuta shi a rajista, mai gyaran wuta ya zo. Ina kuma roƙon kada a haɗa tsarin da bulala, in ba haka ba za su fara ɓoye mana gaskiya.

Bukatunmu su ne littafin rajista biyu, da kwali da maka na rubuta tunatarwa a bakin ƙofofi, da minti biyar a taron safe na Litinin mai zuwa. In ka amince, za mu fara karatun mita ranar Juma'a, 9 ga Mayu, in kawo maka rahoto ranar 23 ga Yuni, in sha Allahu.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Malamin Fiziks, mai kula da kulob ɗin kimiyya