Dushewar Giradiyan a Netwok Mai Zurfi: Bayanin Darasi Kafin Gwaji na Biyu

Wannan bayani na ɗaliban da suka yi gwajin farko ne, wanda aka gina netwok mai hawa 20 a cikinsa, kowane hawa da niyuron 128, aka sa masa sigmoid a matsayin makunni, wato lissafin da ke lanƙwasa abin da kowane niyuron yake fitarwa, aka kuma horar da shi a kan hotunan lambobi na MNIST. Yawancinku kun kawo rahoton cewa ma'aunin kuskure ya tsaya cak a wajen 2.30, ya ƙi motsi duk yadda aka ƙara zagayen horo, alhali netwok mai hawa 3 da aka gina da kayan aiki iri ɗaya ya koya cikin ɗan lokaci. Wannan adadi na 2.30 yana da ma'ana, domin shi ne ln(10), wato abin da ake samu idan netwok ya raba yiwuwa daidai wa daida tsakanin lambobi goma. Bai koyi komai ba ke nan. Lambar kwamfuta da kuka rubuta lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin lissafin da ke ƙarƙashinta.

Horar da netwok ya dogara ne da sanin yadda kuskure zai canza idan aka ɗan taɓa kowane nauyi, kuma wannan shi ne giradiyan. Hanyar da Rumelhart da Hinton da Williams suka yaɗa a 1986 tana lissafa shi ne daga hawa na ƙarshe tana komawa baya, kuma a kowane hawa da saƙon ya ratsa sai an ninka shi da abubuwa biyu, nauyin wannan hawa da kuma gangarar makunninsa. Saboda haka abin da ke isa hawa na farko sakamakon ninki ne mai tsawo. Ninki kuwa ba ya yafe ƙaramin gibi. Idan kowane hawa yana ninka saƙo da 0.9, bayan hawa 50 abin da ya rage wajen 0.005 ne kawai, idan kuma da 1.1 yake ninkawa, saƙon zai kumbura ya kai kusan 117. Na farkon shi ne dushewa, na biyun shi ne fashewa, kuma tushensu guda ne. Sepp Hochreiter ya fayyace wannan matsala a kundin digirinsa na 1991 a Munich, sannan Bengio da Simard da Frasconi suka faɗaɗa bincike a kanta a 1994 game da netwok masu maimaita kansu, inda kowane taku na lokaci yake zama tamkar hawa guda.

Mu dubi sigmoid da kyau, tun da ita kuka yi amfani da ita. Gangararta ita ce σ(x)(1 − σ(x)), wadda ba ta taɓa wuce 0.25, kuma ba ta kai wannan matsayi sai a daidai inda x yake sifili. Idan x ya kai 5, gangarar ta faɗo zuwa wajen 0.0066, domin niyuron ɗin ya ƙoshi, ƙarin abin da ake ba shi ba ya sauya abin da yake fitarwa. Ko a yanayi mafi kyau, ninka 0.25 sau goma yana ba da kashi ɗaya cikin 1,048,576, sau ashirin kuwa ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan. Nauyi mai girma zai iya cike wani ɓangare na wannan gibi, amma shi ne kuma yake tura niyuron zuwa gefen da ya ƙoshi, don haka gyaran yana cin kansa. Abin da ya faru a gwajinku shi ne hawa biyu ko uku na ƙarshe suna samun gyara, sauran kuwa suna nan kamar yadda aka zuba su da ka tun farko, kuma abin da suke miƙa wa na ƙarshen kusan iri ɗaya ne ga kowane hoto.

Ba na so ku karɓi wannan magana ba tare da kun gani da idonku ba. Bayan kun kira `loss.backward()` sau ɗaya, ku buga girman giradiyan na kowane hawa:

```python
for name, p in model.named_parameters():
    if "weight" in name:
        print(name, p.grad.norm().item())
```

Za ku ga adadin yana raguwa da ninki kusan iri ɗaya daga hawa zuwa hawa, har ya zama akwai sifilai masu yawa bayan ɗigo a hawa na farko. A ganina wannan awo shi ne abu mafi amfani a darasin baki ɗaya, domin wanda ya saba yinsa ba zai ɓata mako guda yana sauya saurin koyo a kan matsalar da saurin koyo ba ya magancewa ba. Ɗaga saurin koyo har ya isa ya motsa hawa na farko zai sa hawa na ƙarshe ya yi tsalle ya wuce gona da iri, tun da adadi ɗaya ne ake amfani da shi ga duka biyun.

Gyara na farko shi ne sauya makunni. Gangarar tanh tana kai 1 a tsakiya, wanda ya sa ta fi sigmoid, sai dai ita ma tana ƙoshi, domin a x = 3 gangararta ta koma wajen 0.01. ReLU, wato max(0, x), ita ce ta kawo sauyi na haƙiƙa, saboda gangararta 1 ce cif ga duk x da ya haura sifili, komai girmansa. Nair da Hinton sun nuna amfaninta a 2010, kuma AlexNet mai hawa 8, wanda ya lashe gasar tantance hotuna ta ImageNet ta 2012, da ita aka gina shi. Tana da nata aibi. A ɓangaren da x yake ƙasa da sifili gangararta sifili ce, kuma idan wani babban gyara ya tura niyuron zuwa wannan ɓangare ga dukkan bayanai, to ya mutu, babu giradiyan da zai sake shiga ya farfaɗo da shi. Leaky ReLU tana barin 'yar gangara a can, galibi 0.01, don kada ƙofar ta rufe ruf, GELU kuma, wadda ta fito a 2016 kuma ake yawan samunta a tsarin Transformer, tana lanƙwasa kusurwar ta zama mai santsi.

Wasunku za su sa ReLU su ga har yanzu giradiyan yana dushewa, su ɗauka an yaudare su. Dalilin shi ne rabi na biyu na ninkin, wato nauyin farko. ReLU tana kashe kimanin rabin niyuron a farkon horo, don haka idan ana so ƙarfin saƙo ya tsaya yadda yake, dole warwatsuwar nauyi ta zama Var(w) = 2/n, inda n yake adadin abubuwan da ke shiga hawan. Kaiming He da abokan aikinsa ne suka fitar da wannan ƙa'ida a 2015, bisa tushen da Glorot da Bengio suka aza a 2010 don makunni irin tanh. Shi kuwa `nn.Linear` na PyTorch, idan aka bar shi yadda ya zo, warwatsuwarsa 1/(3n) ce, kashi ɗaya cikin shida na abin da ake buƙata, wanda ke nufin saƙo yana raguwa zuwa wajen 0.41 na girmansa a kowane hawa. A hawa uku ba wanda zai lura, a hawa ashirin kuwa ya isa ya tsayar da koyo. Kiran `nn.init.kaiming_normal_` a kan kowane nauyi yana gyara wannan. Sai dai kyakkyawan farawa yana kare takun farko ne kawai, kuma shi ya sa Ioffe da Szegedy suka kawo daidaita rukuni a 2015, wato daidaita ma'auni bisa kowane rukunin bayanan horo, wanda kuke kira da `nn.BatchNorm1d`, domin a riƙa mayar da abin da ke shiga makunni zuwa ma'auni mai kyau a tsawon horo.

Duk waɗannan dabaru ƙoƙari ne na sa kowane abin ninki ya kusanci 1. Hanyar ratse ta ɗauki wani salo dabam, domin ta sauya siffar lissafin kansa. Maimakon rukunin hawa ya fitar da F(x), sai a sa ya fitar da y = x + F(x):

```python
def forward(self, x):
    return x + self.f(x)
```

Gangarar y game da x ta zama 1 + F′(x). Ko da F′(x) ya ƙanƙance har ya kusa ɓacewa, wannan 1 yana nan, kuma ta cikinsa giradiyan yake wucewa daga ƙarshen netwok zuwa farkonsa ba tare da an rage shi ba. Akwai kuma riba ta biyu: idan rukuni ba shi da abin da zai ƙara, ya isa nauyinsa ya matsa kusa da sifili, sai x ya wuce yadda ya shigo, alhali koyon mayar da abu yadda yake ta cikin hawa masu lanƙwasa aiki ne mai wuya ƙwarai.

He da Zhang da Ren da Sun, a Microsoft Research, su ne suka gabatar da ResNet a ƙarshen 2015, suka horar da netwok mai hawa 152, suka kuma lashe gasar ImageNet ta shekarar da kuskuren kashi 3.57 cikin ɗari. Akwai wani abu a aikinsu da ake yawan tsallakewa, kuma ina so ku riƙe shi. Sun nuna cewa a kan tarin hotuna na CIFAR-10 netwok mai hawa 56 marar ratse ya fi mai hawa 20 kuskure hatta a kan bayanan horo, amma sun ce da wuya dushewar giradiyan ce sanadi, tun da sun yi amfani da daidaita rukuni, sun kuma duba sun ga girman giradiyan lafiya lau yake. Ma'anar wannan ita ce giradiyan na iya zama da girma amma netwok ya yi wuyar horarwa, don haka awon da na nuna muku yana gano cuta guda ce a cikin cututtukan zurfi. Tunanin buɗe wa saƙo hanya ta tarawa ya girmi ResNet, domin shi ne ginshiƙin LSTM, netwok mai maimaita kansa da Hochreiter da Schmidhuber suka wallafa a 1997, kuma a Transformer na 2017 kowane ƙaramin rukuni yana da irin wannan ratse.

Tarawa ma tana da farashinta. Kowane rukuni yana ƙara wani abu a kan x, don haka girman saƙon yana hauhawa da zurfi idan ba a daidaita shi ba, kuma dole x da F(x) su zama da faɗi ɗaya kafin a tara su. Haka kuma duk abin da aka ɗora a kan hanyar ratsen kanta, makunni ne ko ninki da wani adadi, yana dawo da tsohuwar matsalar ta bayan gida. Ku bar hanyar a buɗe, ku sa daidaitawa da makunni a cikin F.

A gwaji na biyu za ku riƙe hawa 20 da niyuron 128 da saurin koyo ɗaya, ku yi amfani da `torch.optim.SGD` kada ku sa Adam, domin Adam yana raba kowane gyara da girman giradiyan ɗinsa na baya, wanda zai iya ɓoye muku abin da muke son gani. Ku fara da sigmoid, sannan ReLU da nauyin da ya zo da shi, sannan ReLU da nauyin He, daga ƙarshe ku haɗa hawa bibbiyu a rukuni mai ratse. A kowane mataki abu ɗaya tak za ku sauya. Ku zana girman giradiyan na kowane hawa a takun farko da kuma bayan zagaye biyar, a kan ma'aunin logaridim domin ƙananan adadi su fito, sannan ku rubuta shafi guda kuna bayyana ninkin da kuka auna tsakanin hawa da hawa a mataki na biyu, da yadda ya yi daidai ko ya saɓa da 0.41 da muka lissafa a sama.