Lissafin "Ba Riba, Ba Asara": Takardar Darasi Ga Ɗaliban Kula Da Ƙananan Kasuwanci, Aji Ɗaya

Ɗalibai, wannan takarda ta biyo bayan abin da muka fara a aji ne, kuma ina so kowa ya karanta ta da biro a hannu kafin zamanmu na gaba. Tambaya ɗaya ce muke neman amsarta: kaya nawa mai sana'a zai sayar kafin a ce ya fitar da duk abin da ya kashe, bai ci riba ba, bai kuma faɗi ba? Daga wannan adadi zuwa sama riba ce. Daga nan zuwa ƙasa, ko ciniki na kankama ko ba ya yi, uwar kuɗi ake ci.

Na damu da wannan darasi saboda da yawanku daga gidajen sana'a kuka fito. Kun sha ganin mutum yana ciniki daga safe har dare, aljihu ba ya rabuwa da kuɗi, amma shekara ta zagayo a rasa kuɗin haya. Sai a ce ai ba albarka, ko an sa masa hannu. Sau da yawa abin da ya faru shi ne bai taɓa sanin adadin da ya kamata ya sayar ba.

Kuɗin da ake kashewa iri biyu ne

Akwai kuɗin da ke bin kaya. Ka yi kaya da yawa su ƙaru, ka yi kaɗan su ragu, ka rufe shago su tsaya. Kayan haɗi, leda, gora, kuɗin niƙa, duk suna nan.

Akwai kuma tsayayyun kuɗi, waɗanda ba ruwansu da ko ka yi ciniki. Mai shago zai zo karɓar haya ko ƙuda bai gifta ta ƙofarka ba. Yaron shago zai miƙo hannu ƙarshen wata. Wannan rarrabewa ita ce rabin aikin, kuma a nan ɗalibai suka fi faɗuwa, ba wajen rabawa da ninkawa ba. Duk kuɗin da ya rikita ka, tambayi kanka: in na ƙara yin guda ɗaya yau, wannan kuɗi zai ƙaru? In zai ƙaru, mai bin kaya ne.

Misalin, da Hausa

Mu ɗauki wata baiwar Allah, mu kira ta Hajiya Talatu, mai sayar da kunun aya na gora a ɗan shagonta a Kano. Alƙaluman nan na darasi ne, na zaɓe su don lissafi ya fita sarai. Ku kuma ku bincika farashin yau a unguwanninku.

Tana sayar da gora ɗaya naira 500. Abin da gora ɗaya ke ci kuwa: aya da dabino da kwakwa da sikari naira 190, gora da murfi da takardar suna naira 70, niƙa da ƙanƙara naira 40. Jimla naira 300.

Ke nan duk gorar da ta sayar, bayan an cire abin da gorar ta ci, naira 200 ke saura. Ku tsaya nan, domin a nan tarkon yake. Hajiya za ta ce maka tana cin ribar ɗari biyu a kowace gora. Ba riba ba ce tukuna. Gudummawa ce da gorar ta kawo don biyan haya da albashi. Kamar cika randa ne da moɗa: sai randar tsayayyun kuɗi ta cika, sannan abin da ya malalo ya zama nata.

To, nawa ne girman randar a wata?

Hayar shago naira 240,000 a shekara, wato 20,000 a wata. Albashin yarinyar da ke taya ta, 35,000. Wuta da man janareta don firiza, 25,000. Firizar kanta an saye ta 360,000, ana sa ran za ta yi shekara 3, wato wata 36, saboda haka tana cin 10,000 kowane wata ko da ba wanda ke zuwa karɓa. Sai ladan Hajiya, 30,000. Jimla naira 120,000.

Na san za a yi gardama kan biyun ƙarshe. Wani zai ce, "Malam, ai sana'arta ce, wa zai biya ta?" Amsata ita ce, da a ce ba ta nan, sai an ɗauki wata an biya ta. Sana'ar da ba ta iya biyan wahalar mai ita ba ta tsaya da ƙafarta ba. Firiza kuwa ranar da ta mutu ba za ta yi sallama ba, in ba a riƙa ware mata kuɗi ba sai a je cin bashi. Da za mu cire waɗannan biyun, tsayayyun kuɗi za su koma 80,000, lissafi ya ba mu gora 400, Hajiya ta saki jiki alhali tana faɗuwa da 40,000 duk wata ba ta sani ba.

Yanzu sai mu raba: 120,000 a raba da 200, ya ba mu gora 600. Wannan shi ne adadin ba riba ba asara. A kuɗi, 600 sau 500, cinikin naira 300,000 ne a wata. Mu gwada mu gani: ta karɓi 300,000, gora 600 sun ci 180,000, tsayayyun kuɗi sun ci 120,000, ba abin da ya saura. Lissafi ya daidaita. Kada ku taɓa miƙa amsa ba ku yi wannan gwaji ba.

Gora 600 a wata magana ce ta takarda. In tana buɗe shago kwana 25, gora 24 ke nan a rana. Wannan shi ne adadin da za ku gaya wa Hajiya, domin shi take iya ƙirgawa kafin magariba. Gora ta 25 ce ke fara kawo mata riba.

Misalin, yadda zai zo muku da Turanci

Jarrabawarku da Turanci ake yin ta, kuma in kuka je banki neman rance da takardar tsarin kasuwanci, haka za a so ganin lissafin. Ga shi nan, alƙaluman ba su canza ba:

```
Selling price (SP)  = 500
Variable cost (VC)  = 300
Fixed cost (FC)     = 120,000
Contribution        = SP - VC = 200
BEP (units)         = FC / (SP - VC) = 600
C/S ratio           = 200 / 500 = 40%
BEP (sales)         = 120,000 / 0.40 = 300,000
```

SP shi ne farashin gora, VC kuɗin da ke bin kaya, FC tsayayyun kuɗi, BEP kuma adadin da muka samo. Layi biyun ƙarshe wata hanya ce ta kai wa ga 300,000: a cikin kowace naira ɗari ta ciniki, arba'in ce gudummawa. Wannan hanya ta fi amfani ga mai tireda da ke sayar da kaya iri-iri, wanda ba zai iya cewa "gora kaza" ba. Ba na son hadda. Wanda ya iya bayyana wa mahaifiyarsa wannan jadawali da Hausa har ta gane, ba zai ruɗe ba in aka juya masa tambayar.

Abin da lissafin ke iya gaya mana bayan haka

A ce Hajiya na sayar da gora 900 a wata. Ta wuce 600 da gora 300, kowace kuma na kawo 200, ribarta 60,000. Wannan 300 ita ce tazarar tsira: ciniki zai iya raguwa da kashi ɗaya cikin uku kafin ta fara faɗuwa. In kuma tana son ribar 100,000, sai a ɗora ta kan tsayayyun kuɗi, 220,000 a raba da 200, gora 1,100, wato 44 a rana.

```
Margin of safety = 900 - 600 = 300 (33.3%)
Target units     = (FC + Profit) / Contribution = 1,100
```

Ga inda nake so ku daɗe. Wata ta buɗe shago kusa da ita, Hajiya ta ce bari ta rage hamsin, ta koma 450, ai hamsin ba komai ba ce. A farashi, kashi 10 cikin ɗari ta rage. Amma gudummawa ta sauko daga 200 zuwa 150, rubu'inta ya tafi. Yanzu 120,000 a raba da 150, gora 800. Kafin ta koma kan ribarta ta 60,000 kuwa, sai ta sayar da 1,200, ƙarin gora 300 a kan abin da ta saba. Shin unguwar na da masu shan wannan? Firizar za ta ɗauka? In amsar a'a ce, gara ta riƙe farashinta ta gyara kununta. Haka kuma in aya da sikari suka tashi har gora ta koma cin 350 ba ta taɓa farashi ba, 800 ɗin dai za ta tarar.

Sannan kunun aya ba ya jira. In wuta ta ɗauke ya yi tsami, sai zubarwa. A ce cikin kowace gora 10 ɗaya na lalacewa. Ta kashe 3,000 a kan goma, tara ta sayar, ke nan kowace gorar da aka sayar ta ci wajen naira 333. Gudummawa ta koma kusan 167, adadin ya tashi zuwa gora 720. Gora ɗaya tak cikin goma ta ɗora mata nauyin ƙarin gora 120 a wata. Littattafai ba su cika kawo wannan ba, amma duk mai sayar da abin da ke lalacewa, tumatir ne ko nono ko burodi, da shi yake kwana.

Iyakar lissafin

Lissafin ya ɗauka farashi ba ya motsi, kuma duk abin da aka sayar an biya nan take. Kun san bashi a kasuwarmu. Ya kuma ɗauka tsayayyun kuɗi za su tsaya, alhali ranar da ciniki ya fi ƙarfin firiza ɗaya sai an sayi ta biyu, a sake lissafi daga farko. Watanni ma ba ɗaya ba ne: da zafi ko da azumi gora 24 wasa ce, da hunturu kuwa sai an yi da gaske, don haka ribar bazara ce ke ɗaukar nauyin sanyi. Kuɗin wuta da muka sa cikin tsayayyu, a gaskiya wani ɓangarensa na bin yawan aiki. Mun bar shi haka ne don sauƙi.

Aikin gida

Wani matashi na da wurin wankin mota. Yana karɓar naira 1,500 a kowace mota. Sabulu da ruwa da kamashon yaran da ke wanki na cin 600 a mota ɗaya. Tsayayyun kuɗinsa 90,000 ne a wata. Ku fitar da adadin motocin da zai wanke ba riba ba asara, da cinikin da ya yi daidai da shi. Ku sake lissafin in mai fili ya ƙara masa hayar 10,000 a wata. Amsar za ta zo da ɓurɓushi, kuma tunda ba a wanke rabin mota, sama ake cikawa, ba ƙasa ba.

Ku rubuta amsar sau biyu: da jadawalin Turanci kamar na sama, sannan da Hausa a jimloli biyar ko shida, yadda za ku faɗa wa mai wurin da baki. Bayan haka kowa ya nemi wata ƙaramar sana'a ta gaske a gidansu ko unguwarsu, ya nemi izinin mai ita cikin ladabi, ya yi mata irin wannan lissafi ba tare da rubuta sunanta ba. A miƙa wa shugaban aji ranar Litinin kafin ƙarfe 10 na safe.